Ba Kowace Bushewar Zuciya Ce Zunubi Ba: Martani Ga Mai Cewa A Ninka Wuridi

Na karanta maƙalar da wani malami marubuci ya fitar kwanakin baya a kan masu kukan cewa ibada ta daina yi musu daɗi. Hukuncinsa ya tsaya a kan abu biyu. Duk wanda ya wayi gari sallarsa ba armashi, zikirinsa ba ɗanɗano, to ko dai wani zunubi ne ya yi wa zuciyarsa tsatsa, sai ya tuba ya ninka wuridi; ko kuwa ciwon damuwa ne ya kama shi, sai ya nufi asibiti. Abin da wasu ke kira daren duhu na rai kuwa, a ganinsa ado ne kawai da Kiristocin Turai suka yi wa kasala don kada a kira ta da sunanta.

Malam, Allah ya ƙara basira, akwai gaskiya a maganarka. Zunubi yana busar da zuciya, wannan ba abin jayayya ba ne ga wanda ya karanta Suratul Muɗaffifina. Ciwon damuwa ma gaskiya ne, kuma mun daɗe muna cutar da masu fama da shi ta hanyar ce musu ƙarancin tawakkali ne. Inda na rabu da kai shi ne kuɗin goron da ka yi. Akwai hali na uku da ka tsallake, kuma mutanen da suka fi kowa daɗewa a kan wannan hanya, Musulminsu da Kiristansu, sun san shi, sun bayyana alamominsa, sun kuma yi gargaɗi cewa maganin da ka rubuta yana ƙara masa tsanani.

Mutumin da ka yi wa shaguɓe ba tare da ambaton sunansa ba shi ne Yohanna na Gicciye, ɗan zuhudun ɗariƙar Karmel a ƙasar Sifaniya, wanda aka haifa a 1542 ya rasu a 1591. Kasala ce abu na ƙarshe da za a jingina masa. Shi da Teresa ta Avila ne suka tashi gyara ɗariƙarsu don a koma wa tsananin zuhudu na farko, kuma saboda wannan gyaran 'yan uwansa na ɗariƙa suka kama shi a watan Disamba na 1577 suka kulle shi a Toledo. Ɗakin bai wuce ƙafa shida a faɗi da goma a tsawo ba, haske na shigowa ta wata 'yar tsaga can sama a jikin bango, abinci gurasa da ruwa da ɗan guntun kifi, ga bulala a gaban jama'a. Sai a watan Agusta na 1578 ya tsere, da igiyar da ya ƙulla da yagaggen bargo. Bayan wannan ne ya rubuta littattafai biyu da suka shafi maganarmu, Hawan Dutsen Karmel da Dare Mai Duhu, kuma ya rubuta su ne don almajiran da ke zuwa masa da irin kukan da kai ma aka kawo maka.

Abin mamaki, a gabatarwar littafin farko ya riga ya ba ka amsa, shekara ɗari huɗu kafin ka ɗauki alƙalami. Ya kwatanta malaman tarbiyya da almajiri zai je wa cikin wannan hali, wani ya ce masa baƙin ciki ne irin na cuta, wani ya ce lalle akwai wani ɓoyayyen laifi, sai a sa shi ya sake tone tarihin rayuwarsa yana furta zunuban da ya riga ya tuba daga gare su. Yohanna ya ce irin waɗannan malamai azaba suke ƙara wa mai azaba, domin babban abin da ke cin mutumin tun farko shi ne zaton cewa shi ya ɓata tsakaninsa da Ubangijinsa.

To mene ne halin na uku? Bayaninsa shi ne, mai fara hanya ana ba shi daɗi: hawaye a addu'a, nishaɗi a tsayuwar dare, jin kusanci. Sannu a hankali sai ya fara bauta wa daɗin ba tare da ya sani ba, ya riƙa auna karɓuwar ibadarsa da yawan abin da ya ji a ƙirjinsa. Yohanna ya kira wannan haɗama ta ruhi, ya jera ta cikin aibobin masu farawa tare da girman kai da hassadar 'yan uwa a kan ibada. Sai Allah ya janye daɗin. Misalin da ya kawo kowace uwa a ƙasar Hausa ta san shi: yaye. Uwa ta shafa maɗaci a nono, ta sauke yaro daga cinya ta ce ya taka da ƙafarsa. Yaron yana ganin an ƙi shi ne, alhali abinci mai nauyi ake so ya koyi ci. Idan wani ya zo ya ce wa yaron laifi ka yi, ƙara tsotsa da ƙarfi, ya taimake shi ke nan?

Na san abin da za ka ce: ai kowane malalaci sai ya fake da wannan. Yohanna ma ya san haka, shi ya sa bai bar ƙofar a buɗe ba. Ya kafa alamomi uku, ya ce sai sun haɗu gaba ɗaya, ɗaya ko biyu ba su isa ba.

Ta farko, mutum ya rasa daɗi a sha'anin ibada, ya kuma rasa shi a sha'anin duniya. Wannan ce ke raba shi da mai zunubi. Wanda saɓo ya busar wa zuciya, daɗinsa ƙaura ya yi, bai mutu ba. Carbi ya yi masa nauyi, amma wayar hannu ba ta yi ba. Raka'a biyu ta gagare shi, amma hira a majalisa har sha biyun dare ba ta gagare shi ba. Ka tambaye shi inda ransa ke walwala, zai nuna maka. Mai halin da muke magana a kai ba shi da wurin da zai nuna.

Sai dai Yohanna da kansa ya lura cewa mai ciwon baƙin ciki ma ba ya jin daɗin komai, don haka ya kawo alama ta biyu: zuciyar mutumin kullum tana komawa ga Allah cikin damuwa mai zafi, yana ganin ya gaza a bauta, yana tsoron ko baya yake ci. Malalaci ba ya wannan damuwar. In ya makara Asuba sai ya gyara kwanciya. Mai ciwon damuwa kuwa abin da ya fi rinjaye a kansa shi ne ƙosawa da komai da mutuwar jiki. Shi wannan, ko da ji ya ɗauke, niyyarsa tana nan da ƙarfinta: yana tashi a kan lokaci, yana sauke haƙƙin mutane, yana gudun haram fiye da da.

Ta uku ita ce ta fi wuyar ganewa. Mutum ya kasa yin tafakkuri irin wanda ya saba, wato bin ma'ana daki-daki da zana abu a zuci, duk yadda ya matsa wa kansa, amma yana samun kansa da son zama shiru shi kaɗai, hankalinsa na fuskantar Allah ba tare da wani tunani takamaimai ba. A nan ne shawarar Yohanna ta yi hannun riga da taka. Ya ce kada mutumin ya bar lokacin addu'arsa, ko da yana ganin ɓata lokaci yake yi, amma ya daina tilasta wa kansa tsohuwar hanyar. Ya zauna, ya yi haƙuri, kada ya nemi jin komai. Ƙoƙarin matso daɗi da ƙarfin tsiya, in ji shi, yana kore ɗan natsuwar da ake zuba masa, ya bar shi da gajiya da ƙyamar ibadar kanta.

Ga yadda abin yake a aikace. Almajiri ya zo wa shehinsa bayan shekaru yana lazimi safe da yamma. Da, kafin ya kai rabin istigfari idonsa ya cika. Yanzu carbi na zagayawa a yatsunsa kamar yana ƙirga tsakuwa. Idan aka bi maƙalarka, za a ce masa ya binciki kansa ya ninka adadi. Ya ninka, bai ji komai ba. Tun da an gaya masa cewa rashin ji alamar laifi ce, sai ya yanke cewa laifinsa ya fi ƙarfin tuba. Daga nan hanya biyu ce: ko waswasi ya kama shi, ya riƙa maimaita alwala da kabbarar harama, ko ya ajiye carbin gaba ɗaya ya ce shi ba na Allah ba ne. Garin neman gira an rasa ido. Da an fara da tambayoyi, me ya canja a mu'amalarka, ina kake samun daɗi yanzu, kana barci, kana cin abinci, kana zuwa aiki, abin yana damunka ko ko-in-kula, da an san wanne ne daga cikin ukun kafin a rubuta magani.

Kafin ka ce me ya haɗa mu da ɗan zuhudun Sifaniya, duba cikin littattafan da ke zaurenka. Ban ɗauko aƙida daga wurinsa ba, kuma bambancin da ke tsakanin addinan biyu ba ɓoyayye ba ne. Amma a kan wannan mas'ala malamanmu sun riga shi. Sufaye suna kiran halin ƙabdu, wato ƙuntatar zuciya, kishiyar basɗu. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya raba shi biyu a Risalarsa: wanda aka san dalilinsa da wanda ba a sani ba, ya ce na biyun hanyarsa sallamawa ce har lokacinsa ya wuce, domin wanda ya nemi kore shi da dabararsa ƙara shi zai yi. Shehu Abul Hasan Shazili, wanda ya rasu a 1258, ya ƙara fayyacewa. Ƙuncin da ke da dalili, ko dai zunubi ne, maganinsa tuba. Ko asarar wani abin duniya, maganinsa miƙa wuya. Ko zaluncin wani, maganinsa haƙuri. Wanda ba shi da dalili kuwa, ya kamanta shi da dare, ya ce ladabinsa shi ne natsuwa: a rage magana, a rage kai-kawo, a rage shirye-shiryen zuci, har gari ya waye. Ka ga zunubi ɗaya ne cikin huɗu, kai kuma ka mayar da shi duka.

Ibn Aɗa'illah, wanda ya rasu a 1309, ya bi wannan layi a Hikam, littafin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato. Ya nuna cewa masana Allah sun fi jin tsoron lokacin walwala a kan lokacin ƙunci, domin a walwala rai yana samun rabonsa, a ƙunci kuwa ba ya samun komai, kuma sau da yawa bawa yakan amfana a ƙunci da abin da bai samu a walwala ba. Ya kuma hana barin zikiri don rashin halartar zuciya. Kamannin ya kai har wani malamin Sifaniya, Miguel Asín Palacios, ya yi rubutu a 1933 yana ganin koyarwar Shaziliyya, ta hanyar Ibn Abbad na Ronda wanda ya yi sharhin Hikam ya kuma yi limanci a Ƙarawiyyin ta Fas, ta riga Yohanna zuwa wannan fahimta. Ba a samu hujjar cewa Yohanna ya karanta su ba. Wannan ma ya ƙara wa maganar nauyi: mutane biyu da ba su haɗu ba sun kwatanta abu ɗaya, da alama ɗaya, da magani ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da zamaninmu shi ne na Uwa Teresa ta Kalkata. A ranar 10 ga Satumba 1946, a cikin jirgin ƙasa zuwa Darjeeling, ta ji abin da ta ɗauka kira ne na ta bar makarantar da take koyarwa ta shiga unguwannin matalauta. Ta fita a 1948, aka amince da ƙungiyarta a 1950. Daidai lokacin da aikin ya kankama sai jin kusancin ya ɗauke. Wasiƙun da ta rubuta wa malaman tarbiyyarta, waɗanda ta roƙa a ƙona amma aka buga su a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna mace mai jin kamar an yi watsi da ita, addu'a ba amsa, sama kamar ba kowa. Sau ɗaya abin ya yaye, a 1958, na kimanin wata guda, ya dawo. Da wasiƙun suka fito, marubuci Christopher Hitchens ya ce ai ga shi ta daina imani tun tuni, sauran duk rufa-rufa ce. Kai kuma da ma'auninka za ka ce zunubi ko cuta.

A gwada ta da alamomin. Daɗin ya ƙaura zuwa duniya? Ta samu kyautar Nobel a 1979, ta ci gaba da kwana a ɗan ƙaramin ɗaki. Ko-in-kula ta yi? Wasiƙun cike suke da ƙishin Allah da tsoron ko ita ce ta ɓata. Jiki ya mutu? Tana tashi addu'a kafin ƙarfe biyar na asuba, tana tafiyar da ƙungiyar da ta bazu a ƙasashe da dama, har 'yan uwanta na gida ɗaya ba su san abin da take ciki ba. Fiye da shekara goma ana ba ta shawarwari ba su yi tasiri ba, sai a 1961 wani fada mai suna Joseph Neuner ya gaya mata abu uku: ba laifinta ba ne, babu dabarar ɗan Adam da za ta kawar da shi, kuma ƙishin da take ji shi ne shaidar cewa ba a rabu da ita ba, domin ba a kewar abin da babu shi a zuciya. Duhun bai tafi ba, amma daga lokacin ta daina ɗaukarsa hukunci, ta karɓe shi a matsayin rabonta na wahalar waɗanda take yi wa hidima, mutanen da kowa ya yasar.

Wannan misali yana da iyakarsa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Daren da Yohanna ya kwatanta yana da ƙarshe. Nata ya kai kusan shekara hamsin. Shi kansa ya raba daren biyu, na farko da ke shafar ji da ɗanɗano wanda ya ce yana samun mutane da yawa, da na biyu mai zurfi wanda ya ce 'yan ƙalilan ne ke shigarsa. Don haka wanda zikirinsa ya bushe mako biyu kada ya ɗauki kansa waliyyi. Mafi yawan bushewar da muke fama da ita ta gajiya ce da cikar ciki da yawan surutu da haƙƙin mutane da muka danne. A nan maƙalarka ta yi daidai, kuma alama ta farko ta isa ta tona mu.

Haka batun asibiti. Masu wannan ilmi ba su taɓa cewa kowane baƙin ciki na ruhi ne ba. Teresa ta Avila ta ware babi guda a littafinta na tarihin kafa gidajen zuhudu a kan 'yan zuhudu mata masu wannan ciwo, kuma abin da ta umarta shi ne a rage musu azumi, a taƙaita musu doguwar addu'a, a ba su aikin hannu, a yi musu magani. Yohanna ya yarda cewa cutar da daren suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. A yau likitoci suna duba ko baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu a jere, tare da lalacewar barci, canjin cin abinci, kasa aiki, ganin kai ba shi da amfani, ko tunanin kashe kai. Wanda ke da waɗannan, musamman na ƙarshen, wurin likita za a kai shi yau, ko da shehinsa yana ganin alamun wani abu daban, domin shan magani bai taɓa hana kowa kusanci da Allah ba. Kuskurenka shi ne zaton cewa duk wanda ba mai zunubi ba ne to majinyaci ne. Mutum yana iya cin tuwonsa, ya yi barcinsa, ya yi dariya da 'ya'yansa, ya riƙe kasuwarsa, amma ya shekara yana sujada a bushe.

Me suka yi, su da suka bi ta wannan hanya? Ba su taɓa farilla ba, ba su kuma rage abin da suka lazimta ba. Teresa ta Avila ta yi kusan shekara ashirin tana fama da addu'a, wani lokaci kunnenta na kan agogo tana jiran lokaci ya cika, kuma da ta waiwaya, abin da ta fi nadama shi ne ɗan lokacin da ta bar addu'ar da sunan ba ta cancanta ba. Ba su kuma ƙara wa kansu kaya don farauto daɗin da ya tafi ba. Sun sami mutum ɗaya masani sun gaya masa, ba su yi ta shela ba. Sun kuma sauya ma'auni: maimakon me na ji, sai suka koma tambayar me na zama. Yohanna ya lissafa amfanin da ake gani a wanda ya jure: yana sanin kansa, yana daina ganin ya fi wasu, fushinsa a kan kurakuran mutane yana raguwa, yana yin aiki don Allah ko da babu lada na nan take. Waɗannan abubuwa ne da matar mutum da maƙwabcinsa za su iya shaida, ba kamar hawaye ba da shi kaɗai ya san su.

Malam, mutane suna karanta ka, kuma cikin masu karatun akwai wanda bai bar sallar dare ba, bai ci haƙƙin kowa ba, lafiyarsa ƙalau, ya karanta maƙalarka ya kwana yana neman laifin da bai yi ba. Roƙona shi ne ka sake rubutu, ka bar ƙofofinka biyu yadda suke, ka ƙara ta ukun da Ƙushairi da Shazili suka bari a buɗe, ka kuma koya wa masu ba da shawara su yi tambaya kafin su yanke hukunci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu dace.